Kada ka bar Katsina sai an cike maka takardar sallama

"Yaya, na gama jarrabawar ƙarshe a jami'a a nan Katsina, ina neman gurbin digiri na biyu a can wajenku. Kiliyarans ɗin nan na sallama daga jami'a dole ne in tsaya masa, ko in bar wa wani ya ƙarasa mini?"

Ƙanena, tsaya ka yi shi da ƙafarka. Ba a fara komai sai majalisar jami'a ta amince da sakamakonku, sannan ka karɓi fom ka bi ofisoshi ana sa hannu da hatimi. Sashenku ne farko. Laburare da ɗakin kwana ba su da wuya: ka mayar da littafin da ka ara ko ka biya tara, ka miƙa makulli, a duba ko ka fasa tagar mutane. Inda ake zufa shi ne ofishin kuɗi, don za su nemi rasit na kowace shekara tun daga aji ɗaya. Rasit ɗin da ya ɓata, in ta manhajar biyan kuɗi ta Remita ka biya, lambar RRR da aka ba ka lokacin biya za ta fito maka da shi. Ni nawa a cikin tsohuwar jakar Hajiya na tsinto su, duk sun yi ja.

Bayan nan za a ba ka takardar sakamako ta wucin gadi. Satifiket na ainihi yakan ɗauki lokaci, kuma yawanci sai mai shi ya zo da kansa da katin shaida.

Amma abin da zai iya cinye maka gurbi shi ne tiransikirif, wato takardar makin kowane kwas da ka yi. Makarantu da yawa a nan ba sa yarda da wadda ta biyo ta hannunka, sai jami'arka ta aiko musu kai tsaye. Ni da na biya kuɗin tawa na zauna ina jira, ashe makin wani kwas na aji biyu babu shi a fayil ɗina. Sai da jami'in jarrabawa na sashenmu ya tono tsohuwar takardar maki, wata biyu suka tafi, ranar rufe karɓar takardu ta wuce ni. Saboda haka tun yanzu je wurinsa, ku bi kwasa-kwasanka zango-zango, ka gani da idonka.

Sai suna. Jera takardar JAMB, ta sakandare, fasfo da fayil ɗin makaranta a kan tabarma ka karanta harafi-harafi. In nan Muhammad ne can Mohammed, ko an sa sunan Baba a gaba, a gyara kafin a buga satifiket, don bayan an buga gyaran wahala ne. Ka kuma tabbatar sunanka yana cikin jerin JAMB na waɗanda aka ɗauka bisa ƙa'ida, in ba haka ba NYSC ba za ta kira ka ba.

Kowace takarda ka ɗauki hotonta ka turo mini in ajiye. Ka gaida Hajiya.