Jar tawada a kan shuɗiyar riga: me ya sa zanen bai fito ba?

"Salam 'yan'uwa. Ga samfurin rigar da na buga: shuɗiya mai duhu, kan zaki da jar tawada, farin rubutu a ƙasansa, faɗin zanen inci 14. A kwamfuta ya yi kyau, amma a jiki bai kwanta mini ba. Ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zanen kansa ba shi da laifi, jan nan ne ya nutse a cikin shuɗin. Dubi gashin wuyan zakin, ya koma kamar ruwan ƙasa, kuma ana hango saƙar yadin ta cikinsa. Wannan alama ce an zuba jan kai tsaye a kan rigar ba tare da farin shimfiɗa ba. Jar tawada ba ta da kaurin da za ta rufe yadi mai duhu, sai launin rigar ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashinta. A fara buga fari da siffar zakin, a ɗan gasa shi har ya daina kama yatsa, sannan a ɗora jan. A rage farin kaɗan ta gefe-gefe, don kada ya leƙo idan sikirin, wato ragar da ake buga zanen da ita, ya ɗan goce.

Ko an yi hakan, ja da shuɗi mai duhu kusan duhunsu ɗaya, shi ya sa ido ke wahala wajen raba su. Ɗauki hoton rigar da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Idan zakin ya ɓace, daga nesa ma haka zai ɓace. Ni dai zan kewaye shi da siririn farin layi, ko in sauya jan da ruwan goro mai haske.

Duba takardar wuyan rigar kuma. In akwai foliyesta a yadin, rininsa kan tashi a zafin da ake gasa tawadar filastisol, wajen digiri 160 na Salsiyas, sai farin rubutun ya sirka da shuɗi, wani lokaci bayan kwana biyu ko uku. Akwai farar tawada da aka yi musamman don hana wannan, ita za ka nema.

Inci 14 ya yi yawa. Kunnuwan zakin sun kusa shiga hammata, in mutum ya sauke hannu sai su naɗe. Mayar da shi inci 11, zai zauna a ƙaramar riga da babba ba tare da an sauya sikirin ba. Sannan ya yi ƙasa, rubutun a kan ciki yake. Bari saman zanen ya fara kamar inci 3 daga ɗinkin wuya, kusan faɗin yatsu huɗu ke nan. Tsakiya kuwa ka auna ta daga ɗinkin hammata biyu, kada ka dogara da takardar wuya, sau da yawa a karkace ake ɗinka ta.

Kafin ka sake sikirin, fitar da zanen a takarda da sabon girman, manna shi a rigar da salatef, wani ya sa, ka ja baya taku biyar ka duba.