Abin da ido ya gani daban, abin da kai ya ba ka daban

Tambaya: Injiniya, barka da dare. An tura ni duba bangon wani gida da ya tsage, na rubuta a rahoto cewa "bangon ya tsage saboda fandisho ya zauna." Oga ya dawo min da shi, ya ce in raba abin da na gani da abin da na yanke. Ni kam ban gane ba.

Amsa (murya, an mayar da ita rubutu):

Wa'alaikumus salam, barka kadai. Yi haƙuri, ina kan hanya ne, shi ya sa na yi maka murya.

To, ogan naka yana da gaskiya. Ka tona ƙasa ka ga fandishon? Ba ka tona ba. Tsaga ka gani, sai kanka ya ba ka dalili, ka haɗa su a jimla ɗaya. Kalmar "saboda" ɗin nan ita ta kayar da kai. A sashen abin da aka gani, duk inda ka ga ta shigo, cire ta.

Bari in ba ka misalin wani gida da na duba. Ga yadda sashen farko ya tafi. Bangon gabas na ɗakin baƙi, bulo mai inci tara, da filasta ciki da waje. Tsaga ɗaya, ta taso daga ƙasa wajen mita biyu daga kusurwar arewa, tana hawa kamar matakala tana karkata wajen kusurwar. Faɗinta a ƙasa milimita 1, a sama milimita 6. Ana ganinta ciki da waje a wuri guda. Na kankare filasta kaɗan, na ga tana bin layin siminti tsakanin bulo, ba ta fasa bulon kansa ba. Cikinta fes, babu ƙura, babu fenti. Na saki igiya mai nauyi daga sama, bangon bai karkace ba. Akwai ramin sokawe mita biyu daga kusurwar, da bishiyar darbejiya mita uku. Sai kwanan wata, da hoto da na ɗora rula a kan tsagar.

Ka lura, sokawe da darbejiya na ambace su ne kawai da nisansu, ban ɗora musu laifi ba tukuna. Ma'aunin shi ne, in aka tura wani gobe da tef ɗinsa, zai samu abin da ka rubuta, ko da bai yarda da ra'ayinka ba.

Sai kuma maganar mai gida. Ya ce min tsagar ta fito ne bayan daminar bara. Wannan ba ni na gani ba, don haka na rubuta "mai gida ya ce". Mutane kan manta, wani lokacin ma akwai rigima da maƙwabci ko magini a ƙasa, ka gane ai. Haka nan abin da ban duba ba, shi ma na rubuta: ban tona fandisho ba, ban leƙa cikin silin ba.

Yawwa, sashe na biyu, nan ne kake da bakin magana. Na ce: tsagar da ta fi faɗi a sama, ta ratsa bango ciki da waje, tana hawa wajen kusurwa, ta yi daidai da kusurwar da ta sauka. Tsabtar cikinta na nuna ba tsohuwa ba ce. Dalili kuwa biyu nake zargi: ko sokawe na yoyo yana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin fandisho, ko ƙasar laka ce, bishiyar na tsotse ruwanta da rani ƙasar tana tsukewa. Ban zaɓi ɗaya ba, don awon rana ɗaya ba zai raba su ba. Kowace magana a nan sai ta jingina da wani layi na sashen farko.

Game da girma, akwai jadawalin Birtaniya, nemi BRE Digest 251. Daga milimita 5 zuwa 15 mataki na 3 ne, nan tawa ta faɗa. Amma jadawalin girman ɓarna yake faɗa, ba ya faɗin dalili, kuma ba ya cewa tsagar na ci gaba ko ta tsaya.

Shi ya sa shawarata ta zama: a tona ramin gwaji a kusurwar har gindin fandisho, a duba sokawe, a manna alama gefe da gefen tsagar a riƙa aunawa duk wata har a ratsa rani da damina. In tana buɗewa da rani tana rufewa da damina, laka ce da bishiya. In tana ta buɗewa ba komawa, sai a koma kan ruwa. Kuma kada a bari magini ya shafe ta da siminti kafin nan, ya rufe mana shaida.

Gyara naka ka turo min hotonsa kafin ka kai wa oga, ka haɗa da faɗin tsagar sama da ƙasa.