Wace hanyar ƙiyasta kaya ce ke rage haraji?

Tambaya: Ina sayar da siminti. Akawuna ya ce in zaɓi FIFO ko matsakaicin farashi. Wanne zai rage mini haraji?

Amsa: Ranka ya daɗe, muddin farashi na hawa, matsakaicin ne. A ce ka saro buhu 100 a kan naira 8,000, daga baya ka ƙaro 100 a kan 10,000, sannan ka sayar da 100 a kan 11,000. FIFO na ɗauka cewa na farkon shiga su suka fara fita, don haka ribarka 300,000 ce. A matsakaici kuwa, kowane buhu ya tsaya maka a 9,000, riba ta sauko 200,000.

Sai dai wannan 100,000 ba ɓacewa ta yi ba, jinkiri kawai ka samu. Ragowar kayanka an rubuta su 900,000 maimakon 1,000,000, ranar da ka sayar da su ribar za ta fito. In farashi ya faɗi kuma, lissafin juyewa yake yi.

Ni dai shawarata, ka riƙe hanya ɗaya. Ƙa'idar akawu ta duniya kan ƙiyasta kayan sayarwa, wato IAS 2, ta amince da duka biyun, amma sauyawa kowace shekara zai sa jami'an haraji su nemi hujja.