Kwamfuta na tsuwa, allo baƙi: ku ƙirga ƙarar kafin ku taɓa komai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Kwamfutata ta tebur HP Compaq 8200 Elite, 'yar gwanjo ce. Tun shekaranjiya in na kunna sai ta yi ta tsuwa ti-ti-ti, fitilar gaba na ƙifta ja, monita ba ya nuna komai. Wani mai gyara ya ce bairos ne, sai an yi fomatin. Na rubuto maka don in ji ko in ba shi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. Wannan magana ta fomatin tana ɓata mini rai ƙwarai, domin ta cinye takardun bayin Allah da yawa ba gaira ba dalili. A lokacin da kwamfuta ke wannan tsuwa ba ta ma kai ga Windows ba, ko hadis ɗinka, inda takardunka ke ajiye, ba ta leƙa ba. Da zarar ka danna maɓalli, BIOS ne ke fara tashi ya yi binciken da ake kira POST: ya duba furosesa, ya duba ram, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kai, ya duba sashen da ke fitar da hoto. In ɗayansu bai amsa ba, babu allon da zai rubuta maka matsalar, sai ya faɗe ta da 'yar lasifikar da ke ciki. To kwamfutar da ba ta nuna hoto, ta ina za a yi mata fomatin? Sai dai a cire hadis a kai wata kwamfuta a goge maka aikin shekaru, a dawo da shi, tsuwar na nan yadda take.

Kai ma kana da naka laifin, domin ka rubuto mini ti-ti-ti ba ka ƙirga ba. Adadin shi ne saƙon. A wannan jerin na HP, fitilar tana ƙifta ja sau ɗaya kowace daƙiƙa tare da ƙara, sai ta huta daƙiƙa 2, ta sake daga farko. Ƙirga na tsakanin hutu da hutu. Sau 5 ram ne. Sau 6 sashen hoto ne. Sau 4 pawa saflai ne aka yi wa lodi ko wani abu ya haɗe, sau 2 kuwa furosesa ce ta yi zafi, galibi fanka ta tsaya. Bayan zagaye 5 ƙarar tana ɗaukewa amma fitilar ta ci gaba da ƙiftawa, don haka shirun ba warkewa ba ne. Ni shawarata kullum ita ce a ɗauki bidiyo da waya, a zauna a ƙirga a natse, domin kunne na saurin mayar da 5 ta zama 6.

Mafi yawan irin taka da ke zuwa bayan ƙurar hunturu 5 ce, don haka bari in bi ta nan. Zare wayar wuta daga bayan akwatin gaba ɗaya. Kashewa da maɓalli bai isa ba, domin muddin waya na jone akwai wutar da ke zagaya madabod, kuma zare ram a wannan hali na iya ƙona shi har da madabod ɗin. Danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10, ka jira rabin minti, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka kai shi ciki. Lokacin hunturu iska a bushe take, wutar da ke tartsatsi a jikin bargo da dare ita ce dai ke hannunka, ram kuma ba ya jure ta.

Buɗe makullan da ke gefe biyu na gurbin, ram zai ɗago da kansa. Riƙe shi ta gefe. Goge haƙoran nan masu ruwan zinariya da farin magogin fensir, gaba da baya, a hankali, sannan ka kakkaɓe ɓurɓushin da busasshen ƙyalle. Gurbin kuma a hura shi da bulowa. Ban da baki, saboda yawu. Ban da fetur, ban da kalanzir, ban da sanfefa da reza. Wannan zinariyar shafe ce mai sirantaka sosai, in ka kankare ta ƙarfen da ke ƙasa zai dafe, matsalar ta dawo fiye da da.

Sauran aikin shi ne inda masu gaggawa ke faɗuwa: suna mayar da duka ram ɗin lokaci guda, in ta ci gaba da tsuwa su ce madabod ta mutu. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. A ce kana da guda biyu masu 4GB. Sa na farko shi kaɗai a gurbi mai lamba 1, lambar na rubuce a jikin madabod. Daidaita tsagar ram da tudun da ke cikin gurbin, ka danna ƙarshensa biyu da manyan yatsu har makullan su rufe da kansu, ka ji ƙas. In sai da ka tura makullin da hannu, bai zauna ba, kuma ram da ya shiga rabi tsuwa 5 zai ba ka kamar matacce. Kunna. A ce ta tashi. Kashe, zare waya, cire shi, sa na biyun a wannan gurbin dai. In tsuwa ta dawo, na biyun ne ya lalace, ka ci gaba da aiki da 4GB har ka sayi wani. In kuwa kowanne ya tashi shi kaɗai, ɗauki ɗaya ka bi sauran gurabun uku da shi. Wanda ya ƙi, shi ne mai datti ko lanƙwasasshen haƙori, sai ka ƙaurace masa.

In babu wanda ya tashi a kowane gurbi, aro ram da ka tabbatar yana aiki daga maƙwabcin shago. Shi ma in ya ƙi, a nan ne za a fara zargin madabod, ko ƙananan filolin da furosesa ke zaune a kai, domin a wannan zubin na Intel mai kula da ram yana cikin furosesa ne, fil guda ya lanƙwashe sai gurabu biyu su daina aiki. Wannan kam kai wa mai gyara na gaske.

In za ka sayi sabo, tafi da tsohon a aljihu. Taka DDR3 take ci, mai haƙora 240. DDR4 mai 288 ne kuma tsagarsa ba wuri ɗaya take ba, kada kowa ya danna maka shi da ƙarfi. Karanta takardar da ke manne: kana son irin PC3-10600U. In ka ga R a madadin U, ram ɗin saba ne, yana yawo a kasuwa da araha, zai shiga gurbin daram amma kwamfutarka ba za ta tashi da shi ba. Bayan ta tashi, danna maɓallin Windows tare da R, ka buga wannan a akwatin Run da zai buɗe, ka bar ta ta sake kunnuwa ta gwada ram ɗin, domin wani yana tashi amma yana ɓata aiki a ɓoye:

```
mdsched.exe
```

Tambaya: Daga Daura nake. Na haɗa kwamfuta da madabod ASUS don aikin tace bidiyon biki. Na sa katin girafik na hannu, yanzu tana yin doguwar ƙara ɗaya da gajeru uku. Wani ya duba intanet ya ce ram ne.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya duba maka ya karanta jadawalin da ba naka ba. A tsohon jadawalin AMI, wani kamfani mai yin BIOS, doguwa ɗaya da gajeru uku ram ne, gaskiya. Amma a littafin madabod na ASUS ma'anarta ba a ga katin hoto ba, ita kuwa doguwa ɗaya da gajeru biyu masu maimaituwa ita ce ba a ga ram ba. A BIOS ɗin Award kuma doguwa ɗaya da gajeru biyu hoto ne. Ka ga ƙara iri ɗaya, fassara daban, shi ya sa littafin madabod ɗinka ne kawai alƙali.

Tunda da zuwan katin abin ya fara, duba wutarsa tukuna. Gurbin PCIe wat 75 kawai yake bayarwa. In akwai rami mai fil 6 ko 8 a gefen katin, dole waya daga pawa saflai ta shiga nan. Mai 6 na ƙara wat 75, mai 8 na ƙara 150. Kula da kyau, wayar furosesa ma fil 8 ce amma ba ɗaya suke ba, nemi wadda aka rubuta PCI-E a kanta. Juyawar fankar kati ba shaidar lafiyarsa ba ce. Sannan cire shi ka sake zaunar da shi har makullin ƙarshen gurbin ya kama, domin sau da yawa ɗaure sukurun baya yana ɗaga wutsiyar katin ba ka lura ba. In ba ta canza ba, cire katin ɗungurungum ka jona monita a ramin madabod. Ta nuna hoto, to kati ne ko pawa saflai ɗin ya yi masa kaɗan; gwada katin a wata kwamfuta ka raba gardama. Sai dai in furosesarka Intel ce mai F a ƙarshen lamba, kamar i5-9400F, ba ta da sashen hoto, ramin madabod ba zai nuna komai ba ko da komai lafiya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Katsina. Tawa ƙara ɗaya gajera take yi duk sanda na kunna, sannan ta shiga Windows. Akwai matsala?

Amsa: Babu, 'yar'uwa. Ta gama bincikenta ne ta samu komai daidai. Koma kan karatunki.

Tambaya: Dell OptiPlex 7010 ce a ofishinmu. Tana yin ɗaya, uku, biyu. Yaron ofis ya ce zai tsinke wayar lasifikar mu huta.

Amsa: Ranka ya daɗe, a hana shi. Tsinke lasifika kamar toshe bakin mara lafiya ne don kada ya yi nishi. 1-3-2 a wannan Dell ɗin ram ne, a bi abin da na faɗa wa mai shagon Ƙofar Ƙaura. A dubi maɓallin kunnawa ma, yana ƙifta ruwan ɗorawa kashi biyu: 3 sannan 3 ba a ga ram ba sam, 2 sannan 7 an gan shi amma ya gaza, 2 sannan 4 kuwa batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, a canza shi kawai.