Me ya sa gefen mayafin wuya ke naɗewa?

"Gwaggo, mayafin wuyan da nake saƙa wa ƙanena saboda hunturu duk ya naɗe ta gefe. Na matse zaren da yawa ne?"

'Yata, matsewa tana ƙara abin, amma ba ita ce tushensa ba. Irin saƙar da kika zaɓa ce: layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya, har ƙarshe. Shimfiɗa shi ki duba. Fuskarsa sumul, idanun saƙar sun jeru kamar kitso, bayansa kuwa duk ƙulli-ƙulli. Kowane ido zare ne da aka lanƙwasa, yana neman miƙewa, kuma a wannan saƙa duk ɓangare ɗaya aka zuro su. A tsakiya maƙwabta na riƙe juna. A baki babu mai riƙewa, sai ƙarfin ya taru ya naɗe shi. Shi ya sa gefen dama da hagu ke naɗewa zuwa baya, sama da ƙasa kuma su naɗo zuwa fuska.

Maganin shi ne ki ba bakin saƙar da ƙullinta ya rabu gaba da baya daidai, wannan ya ja, wancan ya ja, su tashi canjaras. Mu ce ido 40 kika ɗora a allura. Layi 8 na farko ki yi saƙar gaba zalla. Daga nan, ido 5 na farko da 5 na ƙarshe su zama saƙar gaba a kowane layi, ko da kin juyo bayan aikin. Nan ake yawan mantawa. Ido 30 na tsakiya ki ci gaba da saƙarki sumul, ki rufe da layi 8 kamar yadda kika fara.

Kada ki yi rowar baki. Ido 2 a kowane gefe ba ya iya riƙe 36, za ki ga bakin ya kife baya gaba ɗaya daga inda ya haɗu da tsakiya. Sannan wannan saƙar gaba zalla tana tsukewa a tsawo fiye da ta tsakiya, to ki sassauta hannu a wurin, in ba haka ba gefen ya ɗame, tsakiyar ta yi ciki. Ni na fi son ɗaya gaba ɗaya baya, a layi na gaba a sauya musu wuri. Tana cin lokaci, amma ta fi kwanciya.

Wanda kika riga kika gama, kada ki ɗora masa dutsen guga. Yawancin zaren da muke saya na roba ne, zafi zai narkar da shi ko ya kashe laushinsa. Ki zagaye bakin da kwarashi layi 3 ko 4, ko ki ninka shi biyu a tsawo, fuska a waje, ki ɗinke gefen. Zai rage faɗi, amma zai fi ɗumi.