Turancina yana fitowa da ginin Hausa

Tambaya: "'Yan'uwa, duk abin da na rubuta da Turanci sai a ce jimlolina sun yi tsawo, kalmomin kuma ba sa zaune daidai. Ina gyaran yake?"

Ɗan'uwa, na daɗe ina duba wa mutane rubutu, kuma yawanci matsalar wuri guda take. Mu a Hausa mukan fara ajiye abin da za mu yi magana a kansa, sannan mu dawo masa da wakilin suna: "Rahoton nan, ban gama shi ba." Wannan Hausa ce lafiyayya, amma rubutaccen Turanci ya fi son mai aiki a gaba, aikatau na biye da shi kusa-kusa.

Ga irin jimlar da nake yawan gani:

"The report that you asked me to send it last week, I did not finish it because the figures they came late and then my laptop broke down so I need two more days."

Fara da tambayar kanka: me nake so mai karatu ya sani? Kwana biyu kake nema, amma ka ɓoye shi can ƙarshe. Ɗauko shi gaba. Daga nan ka farauci wakilan sunan da suka maimaita abin da aka riga aka ambata. "It" da ke bayan "send" daga "aika shi" ya zo, alhali "that" ya riga ya tsaya a madadin rahoton. "They" da ke bayan "figures" kuwa shi ne "sun" na "alƙaluman sun makara". Hausa ba ta yi sai da shi, Turanci ba ya buƙatarsa. Cire su duka biyun.

Tsawon kuma daga "sai... sai..." ɗinmu yake zuwa, wanda ke rikiɗewa ya zama "and then" da "so". Duk inda ka ga ɗayansu, gwada ɗiga aya. In abin da ya biyo baya ya tsaya da ƙafarsa, ka bar ayar. Ga yadda ta koma:

"I need two more days to finish the report you asked for last week. The figures came late, and then my laptop broke down."

Ka lura ban datse "and then" na ƙarshe ba, domin dalilan biyu tare suke tafiya. Wasu in sun ji an ce a gajarta, sai su daddatsa komai kalma biyar-biyar, rubutun ya koma kamar littafin 'yan aji ɗaya. Ni a ganina wannan bai fi doguwar jimlar daɗin karatu ba.

Af, akwai kuma "ko da yake... amma". Mu mukan haɗa su, amma a Turanci ɗaya ake ɗauka, ko "although" ko "but". In ka gama, karanta da ƙarfi. Jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare, ko ka kai tsakiyarta ka manta wa ke aikin, ita za ka koma wa.