Hukuncin ara wa wani asusun banki don ya wuce da kuɗinsa a kan la'ada

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mai sayar da shanu ne a Abbatuwar Oko-Oba da ke Agege, nan Legas. Wani Alhaji ɗan garinmu ya kawo mini tsabar kuɗi naira miliyan 18, ya ce in zuba masa a asusuna, amma miliyan 4.5 kowace rana har kwana huɗu, kuma kada in maimaita reshe ɗaya. Da suka shiga sai ya sa na tura miliyan 7 ga wani ɗan canji, miliyan 5 ga wata mata da ban sani ba, miliyan 6 kuma ga kamfanin gonarsa, na sa hannu a rasit cewa na sayi shanu biyar a wurinsa, alhali ko ƙaho ban gani ba. Ya ba ni la'adar naira 360,000. Yanzu banki sun kira ni suna tambayar asalin kuɗin, shi kuma yana so mu sake. Ni dai ban saci kuɗin kowa ba. Shin wannan la'ada ba kamar ta dillanci ba ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, wannan aiki bai halatta ba, la'adar ba taka ba ce, kuma kada ka sake. Tambayarka ta ɗaga mini hankali, domin irinka, mutanen kasuwa masu sunan kirki, su ake nema a wannan harka, kuma su ake fara kamawa. Bari in nuna maka abin da aka yi da kai, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa.

Abin da ka siffanta shi ne ake kira halatta kuɗin haram. Wanda ya tara kuɗi ta hanyar fansa, ko damfara, ko ƙwaya, ko wawure baitulmali, yana da matsala guda: kuɗin na hannunsa amma ba zai iya kashe su a fili ba, don za a tambaye shi inda ya samo. Masana harkar sun kasa aikin ɓoyewar gida uku, kuma dukkansu suna cikin labarinka.

Na farko shigar da tsabar kuɗin cikin banki. Nan ne mai kuɗin ya fi jin tsoro, domin kuɗin na nan kusa da laifin da ya haife su. Shi ya sa yake neman wanda sana'arsa ta tsabar kuɗi ce, kamar mai shanu ko mai gwari ko mai gidan mai, wanda in ya shigo banki da jaka ba wanda zai yi mamaki. Ka tambayi kanka, me ya sa miliyan 4.5? Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki ya sanar da NFIU, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, cikin kwana bakwai, duk shigar kuɗi ko fitarsu da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani. Alhajin naka ya san wannan shinge, sai ya yanka kuɗin daidai yadda za su bi ta ƙarƙashinsa. Ita kanta wannan rarrabawar don kauce wa rahoto dokar ta hana ta. Haka kuma karɓar tsabar kuɗin da ya haura miliyan 5 hannu da hannu, ba ta banki ba, shi ma ta hana.

Na biyu ɓatar da sawu. Miliyan 7 da ka tura wa ɗan canji wataƙila sun zama dala a ranar, miliyan 5 na matar nan kuma ba ka san asusu nawa suka ratsa bayan nata ba. Manufar ita ce duk mai bin sawu ya gaji a hanya, kuma sunan da zai fara cin karo da shi ya zama naka.

Na uku dawo da kuɗin cikin rigar halal, kuma aikin da rasit ɗinka ya yi ke nan. Da sa hannunka, miliyan 6 sun zama cinikin gona. Gobe in ya sayi fili ko mota aka tambaye shi, takardarka zai ɗaga.

To, ta yaya banki ya gano? Mutane da yawa sun ɗauka iyakar miliyan 5 kawai ake dubawa, ba haka ba ne. Ranar da ka buɗe asusu ka faɗi sana'arka, kuma shekarun da ka yi kana hulɗa sun nuna musu yadda kuɗinka ke tafiya: ciniki ya shigo daga mahauta kaɗan-kaɗan, ya taru, ya fita zuwa kasuwannin shanu na Arewa da masu tirela. Na'urarsu tana auna kowace sabuwar hada-hada da wannan al'ada taka. Sai ga adadi iri ɗaya sak sau huɗu a jere, kowanne gab da shinge, a rassa daban-daban, sannan kuɗin ba su kwana ba suka fice zuwa mutanen da ba ka taɓa tura wa ko sisi ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ana iya samo mata uzuri, amma haɗuwarsu ba ta yi kama da cinikin shanu ba. Canza reshe kuwa bai amfana komai ba, domin asusun ɗaya ne, kuma tun 2014 lambar BVN ta ɗaure duk asusun mutum da yatsunsa ko a wane banki suke. Idan na'ura ta ɗaga tuta, ma'aikacin sashen bin doka ne ke zama ya duba, ya nemi bayani da takardu. In zargin ya tabbata a wurinsu, doka ta ba su awa 24 su kai rahoto ga NFIU, komai ƙanƙantar kuɗin, kuma an hana su faɗa maka cewa sun kai. Saboda haka shirun banki ba ya nufin magana ta mutu. Daga NFIU ne bayani kan isa hannun EFCC.

Adalci ne in ce wannan awo yana kuskure. Mai raguna na gaskiya da asusunsa ya kumbura ana jibi Babbar Sallah shi ma za a iya kiransa. Bambancin shi ne yana da littafin ciniki, da takardar lodi, da mutanen da za su ce mu muka saya.

Yanzu ga shari'a. Asalin mu'amala kyautata zato ne. Ba a ɗora maka ka tuhumi duk wanda ya zo sayen sa ka ce ina ka samo kuɗi ba. Manzon Allah (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina, har ya rasu sulkensa na jingine a wurin ɗayansu, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Da Alhajin nan shanu ya saya a hannunka da gaske, ba ka ga wata alama ba, da kuɗinka halal ne.

Amma shari'a tana aiki da alamomi, abin da malamai ke kira ƙarina. A cikin Suratu Yusuf, ba wanda ya ga abin da ya faru a ɗaki, yagewar riga ta baya ce ta bayyana mai gaskiya. Alamomin da na'urar banki ta gani ta nesa, kai a gabanka aka shirya su, da bakinsa ya ba ka umarni. Mai kuɗin halal yana da asusunsa, ba ya biyan wani naira 360,000 don ya ɗaukar masa abin da zai iya yi da wayarsa a minti biyu. Wanda ya ga wannan ya kawar da kai ba ya cikin masu uzurin rashin sani. Ita ma dokar ƙasa ba ta tsaya ga wanda ya sani ba, ta haɗa da wanda ya kamata a ce ya sani, kuma hukuncinta ɗaurin shekara 4 zuwa 14 ne, ko tara mai nauyi, ko duka biyun.

Allah Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, Ya kuma hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Ka ce ba ka saci kuɗin kowa ba, na yarda. Sai dai ai ɓarawo ba ya cin moriyar sata sai ya sami mai ɓoye masa. Malaman Malikiyya sun tabbatar cewa wanda ya karɓi dukiyar ƙwace daga hannun mai ƙwacen, yana sane, hukuncinsa ɗaya da shi wajen lamuni. Dukiyar haram kuma ba ta tsarkaka don ta zaga asusu goma, haƙƙin mai ita na nan maƙale da ita. Idan kuɗin fansa ne, ka tuna cewa a bayansu akwai iyalin da suka sayar da gona da shanu don a sako musu ɗa.

Ko da za a ƙaddara cewa kuɗin nasa halal ne, haraji kawai yake gudu ko idon jama'a, rasit ɗin kaɗai ya isa ya haramta aikin. Shaidar zur ce a rubuce, kuma Annabi (SAW) ya lissafa ta cikin mafi girman manyan zunubai a hadisin Abu Bakrata da ke Buhari da Muslim. Nan ne kuma ƙiyasinka da dillanci ya rushe. Dillali yana cin ladan haɗa mai saye da mai sayarwa a kan kaya na gaske. Kai an biya ka ne ladan aron suna da sa hannu a ƙarya, kuma ba a ƙulla ijara, wato ɗaukar mutum aiki don lada, a kan aikin da shi kansa haramun ne.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka tuba, ka gaya wa Alhajin a fili cewa ba ka ƙara yi, ko da zumuncin gari zai yi tsami. Kada ka kai wa banki rasit ɗin nan, kada kuma ka ƙago musu labari, don ƙarya ta biyu ta fi ta farko nauyi a nan da can. Ka nemi lauya tun yau, kafin ka rubuta musu amsa, ka faɗa masa komai. Kada ka goge saƙonnin da ke tsakaninku da Alhajin, domin su ne za su nuna wanda ya kawo kuɗin da wanda ya ba da umarni.

Naira 360,000 kuwa ka ware su gefe, kada ka ci, kada ka zuba a jari, kada kuma ka mayar masa. Idan bincike ya taso, ka miƙa su ta hannun lauyanka domin su isa ga masu haƙƙi. Idan lauya ya tabbatar maka ba mai nemansu, kuma ba a san masu su ba, sai ka bayar ga mabuƙata ko wani aikin amfanin jama'a da niyyar rabuwa da su a madadin masu su, ba da niyyar sadakarka ba. In ka riga ka kashe, bashi ne a wuyanka, ka riƙa fitarwa daga halal ɗinka gwargwadon iko har ya cika.

Wallahu a'alam.